Yadda ake tsara rubutun muhawara a jarabawar IELTS, da inda kalmomin haɗi suke shiga

Duk wanda ya zauna da masu shirin IELTS, jarabawar gwada iya Turanci, a garin nan na Kano ya san labarin, nas ce ko likita ko wanda ya gama digiri a BUK yana neman gurbin karatu a waje, zai ci karatu da saurare da magana da maki mai kyau, sai rubutu ya tsaya masa a maki 6 cikin 9, ya sake biyan kuɗi ya sake zama, ya sake samun 6 ɗin dai. Kuma rabin maki ba wasa ba ne a nan, hukumar nas-nas ta Birtaniya tana neman aƙalla 6.5 a rubutu, ta likitoci kuma 7 take nema a kowane ɓangare. Idan ka karɓi takardun gwajin da irin waɗannan mutanen suke rubutawa ka duba, yawanci ba Turanci ne ba su iya ba. Abin da za ka gani shi ne kowace jimla ta fara da moreover, ta gaba furthermore, ta gabanta in addition, sai nevertheless a wajen da babu wani abu da aka saɓa wa. An gaya musu kalmomin haɗi suna kawo maki, sai suka haddace jerin guda talatin suna zubawa.

Toh ni abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne, tunani ake fara tsarawa, sannan a ɗora kalmar haɗi a inda tunanin ya juya. Kamar sigina ce ta mota, amfaninta ta gaya wa na baya inda za ka karya kan mota, idan ka kunna ta hagu ka yi dama ko ka bar ta tana ta ƙyaftawa alhali miƙewa kake yi, ka rikita wanda yake bin ka. Mai duba takardarka shi ne na bayan.

Abin da ake nema daga gare ka

Ɓangaren rubutu awa ɗaya ne, aiki biyu. Na biyun, wanda za ka ga an rubuta Task 2, shi ne rubutun muhawara, ana so ka yi kalma 250 zuwa sama, kuma ana ba da shawarar ka ba shi minti 40. Nauyinsa ya ninka na aikin farko sau biyu, shi ya sa duk wanda ya ɓata minti talatin a aikin farko ya cuci kansa. Ana auna shi da ma'auni huɗu, kowanne kashi 25 cikin ɗari: ko ka amsa tambayar da aka yi maka, tsari da haɗuwar magana, yawan kalmomi da dacewarsu, sai nahawu. Na biyun nan shi ne a takardar ma'auninsu aka rubuta Coherence and Cohesion, kuma shi muke magana a kai. Takardar a fili take, tana shafin IELTS kyauta, ka sauke ta ka karanta layin maki 6 da na 7 da idonka. A layin 6 za ka ga sun ambaci haɗin da ya zama mechanical, wato an sa shi ne kamar aikin inji, an yi amfani da kalmar ba a muhallinta ba ko an cika ta da yawa. A can sama a maki 9 kuma cewa suka yi haɗin ba ya ma jan hankalin mai karatu. Ka ga ashe yawan kalmomin haɗi ƙasa yake jan mutum idan ya wuce kima.

Minti biyar na farko, kar ka rubuta jimla ko ɗaya

Bari mu ɗauki tambaya ɗaya mu bi ta har ƙarshe. A ce an ba ka wannan:

> Some people think that private cars should be banned from city centres. To what extent do you agree or disagree?

Abu na farko ka gane me aka tambaya takamaimai. Ba a ce ka yi magana a kan cunkoson motoci gaba ɗaya ba, ba a ce ka kawo illar hayaƙi ba. An ce motocin gida, an ce hanawa kwata-kwata, an ce tsakiyar birni. Abu uku ke nan, kuma duk sakin layin da ya bar su ya tafi wani waje ya fita daga tambaya komai kyawun Turancinsa. Sannan an tambaye ka matsayinka, ka yarda ko ba ka yarda ba, kuma har zuwa ina.

Sai ka ɗauki matsayi. Nan ne mutanenmu da yawa suke noƙewa, saboda mun taso da kara, ba ma son yanke magana kai tsaye, sai mutum ya yi ta cewa wasu sun ce kaza wasu sun ce kaza har takarda ta ƙare ba a san inda ya tsaya ba. A wannan jarabawar babu wanda zai rage maka maki don ra'ayinka ya saɓa da nasa, amma za a rage idan ba a gane ra'ayin naka ba. Kuma ka zaɓi ɓangaren da kake da hujja biyu masu ƙarfi a kai da misali a hannu, ko da ba shi ne zuciyarka ta fi so ba. A nan ni zan ce ban yarda da hanawa gaba ɗaya ba, amma na yarda a rage.

A takardar da kake zayyana tunani, ka rubuta abu kaɗan, ko da Hausa ne babu laifi tunda ba a duba ta. Hujja ta ɗaya: hana mota ba ya hana mutane buƙatar zuwa inda za su, za su koma wani abin hawan ne kawai. Misali: an hana acaɓa a Kano a 2013, jama'a suka koma adaidaita sahu, titi bai huta ba. Hujja ta biyu: 'yan kasuwa masu sari za su cutu, ka tuna mai shagon da ya zo Kantin Kwari ya sari dila biyu na atamfa, ta yaya zai kai su inda ya ajiye mota a bayan gari? Sai abin da ɗaya ɓangaren zai ce: iska za ta yi tsabta, hatsari zai ragu. Amsarka: ana iya samun yawancin wannan ta hanyar sa kuɗin shiga, kamar yadda Landan take yi tun 2003. Shi ke nan, ƙashin rubutun ya tsaya. Hujja biyu sun isa, kar ka nemi biyar. Kalma 250 zuwa 300 ba za ta ɗauki hujja biyar a yi wa kowacce bayani ba, sai dai ka jera su kamar lissafin cefane, kuma jerawa ba tare da bayani ba shi ne ainihin abin da yake tsayar da mutum a 6.

Gabatarwa

Jimla biyu sun wadatar, kalma 40 zuwa 50. Ta farko ta maimaita batun da kalmominka, ta biyu ta faɗi matsayinka da dalilai biyun a jere yadda za su zo.

> It is sometimes argued that the centres of cities should be closed to private cars. While I accept that traffic has to be reduced, I disagree with a total ban, because it would not remove the need to travel and would hurt small traders.

Dubi aikin da while ta yi a nan, ta ba ka damar ka amince da wani abu kaɗan kafin ka faɗi inda ka tsaya, kuma wannan shi ne amsar "har zuwa ina" da aka tambaye ka. Because kuma ta buɗe ƙofar sakin layi biyun da za su biyo. Kar ka kwafe tambayar kalma da kalma, ka canza yadda aka faɗe ta. Sannan don Allah a bar salon muhawarar sakandare a can, gaishe da alƙalai da masu sauraro, ko rufewa da with these few points of mine, duk ba wajensu ba ne nan. Haka doguwar buɗewar nan da ake haddacewa a wajen lesin, wadda take shiga kowace tambaya, masu dubawa sun ga irinta ba adadi kuma an horar da su su gane haddatacciyar magana.

Sakin layi na tsakiya, inda makin yake

Kowane sakin layi magana ɗaya yake ɗauka, kalma 90 zuwa 100. Jimlar farko ta faɗi hujjar, ta biyu ta bayyana dalilin da ya sa haka ne, ta uku ta kawo misali, ta ƙarshe ta dawo da misalin kan tambaya. Ga na farko:

> The main weakness of a ban is that it leaves the demand for travel untouched. People still have to reach markets, offices and hospitals, so they simply move to whatever vehicle is still allowed. In Kano, for example, commercial motorcycles were banned in 2013, and many passengers turned to tricycles, which now crowd the same roads. Although that decision was taken for security reasons, it shows what happens when one form of transport disappears and no reliable bus service replaces it. A ban on cars would probably follow the same pattern.

Yanzu mu tsaya a kansa sosai, domin duk darasin yana cikin jimla biyar ɗin nan. Ba a fara da firstly ba, an fara da the main weakness, wanda ya riga ya gaya wa mai karatu cewa ga babbar hujja kuma akwai wata tana tafe. Firstly ba laifi ba ce, in ka rasa abin cewa ka sa ta, amma wannan ya fi ta nuna cewa kai ne kake riƙe da maganar. Jimla ta biyu tana da so a tsakiya saboda da gaske akwai sababi da sakamako, mutane suna da buƙatar tafiya, don haka suka koma wani abin hawa. Kafin ka sa so ko therefore ko as a result a ko'ina, ka tambayi kanka da Hausa, shin na farkon ne ya haifar da na biyun? In amsar a'a ce, cire ta. Na sha ganin an rubuta cewa motoci suna da tsada, therefore suna gurɓata iska, alhali tsada ba ta haifar da hayaƙi.

For example an cusa ta ne a tsakiyar jimla bayan In Kano, da waƙafi gaba da baya. Wannan ƙaramin abu ne amma yana canza sautin rubutu, saboda idan kowace jimla ta fara da kalmar haɗi da waƙafi, ido yana gani tun kafin a karanta. Also da therefore da however da for example duk suna iya zama a tsakiya.

Sai jimla ta huɗu, wadda mutane da yawa ba za su yi tunanin sawa ba. Duk ɗan Kano ya san ba don cunkoso aka hana acaɓa ba, matsalar tsaro ce ta jawo, to mai karatu mai lura zai iya cewa misalin nan bai yi daidai da tambaya ba. Sai ka riga shi faɗa, ka ce eh dalilin tsaro ne, amma abin da ya biyo baya yana koya mana abu ɗaya. Although aka yi don irin wannan wajen. Kuma a lura, misali daga Kano karɓaɓɓe ne ɗari bisa ɗari, tambayar da kanta tana cewa ka kawo misalai daga saninka ko abin da ka gani, ba dole sai Amurka ko Japan ba. Abin da za ka kiyaye kawai shi ne mai dubawa wataƙila bai taɓa jin adaidaita sahu ba, sai ka kira shi da sunan da zai gane. Kuma ba ka buƙatar ƙirƙiro alƙaluman bincike na ƙarya, misali na gaske da ka sani ya fi sauƙin bayani.

Akwai wani nau'in haɗi a cikin sakin layin nan da ba ya cikin jerin da ake haddacewa, kuma shi ne yake kai mutum 7. Dubi that decision, dubi they, dubi which, dubi the same pattern. Kowacce tana nuni ne zuwa ga abin da aka riga aka faɗa, ba tare da an sake faɗarsa ba. That decision tana nufin hana acaɓa, the same pattern tana nufin komawar jama'a wani abin hawa. Takardar ma'auni ta ambaci wannan da sunansa a layin maki 7. Hanyar koyonsa mai sauƙi ce, idan ka gama jimla, ka tambayi kanka da wane suna ɗaya zan kira abin da na faɗa yanzu, matsala ce, mataki ne, sauyi ne, sai ka fara jimla ta gaba da this problem ko such measures ko this change. Sharaɗin kawai shi ne ya zama a fili me kake nuni gare shi, in ka rubuta it ko they alhali abu uku ne suka gabata, mai karatu zai tsaya yana lalube, kuma duk inda ya tsaya lalube maki ne yake tafiya.

Ga na biyu:

> A total ban would also damage businesses that depend on customers who buy in bulk. A shopkeeper who travels to a central market for bales of cloth cannot carry them to a distant car park, and may therefore take his money elsewhere. Supporters of a ban point out that fewer cars mean cleaner air and safer streets, and this is true. However, much of that benefit can be achieved by charging drivers to enter the centre at busy times, as London has done since 2003. Such a charge discourages unnecessary trips while leaving the road open to those who really need it.

Also guda ɗaya tak ita ta ɗaure wannan sakin layin da na baya, ta ce ga ƙari a kan waccan hujjar. Sai aka kawo maganar ɗaya ɓangaren cikin adalci, aka amsa cewa gaskiya ce, sannan however ta juya. Ita kaɗai ce however a duk rubutun, shi ya sa take da ƙarfi, a daidai gurbin da maganar ta karya kwana ta zo.

Kammalawa

> In conclusion, I believe that banning private cars from city centres would shift congestion rather than end it, and would harm trade. Cities should instead limit car use through charges and invest in public transport.

Jimla biyu, matsayin da ka faɗa a farko shi ne dai, da wasu kalmomin. Babu sabuwar hujja a nan. In conclusion ta isa, kar ka nemi wata mai ado. In ka haɗa duka huɗun za ka samu kalma wajen 270, daidai inda ake so. In a kwamfuta kake jarabawar tana nuna maka adadin kalmomi, in a takarda kake gwaji a gida ka san kalma nawa layinka yake ɗauka sai ka ƙirga layuka. Ka bar layi ɗaya fanko tsakanin sakin layi da ɗan uwansa don rabuwar ta fito fili, rubutun da ya zo dunƙule ɗaya babu sakin layi yana faɗuwa a wannan ma'aunin komai kyawun abin da ke ciki.

Wuraren da Bahaushe yake yawan tuntuɓe

Na farko kuma mafi yawa shi ne although da but a jimla ɗaya. Mu a Hausa muna cewa duk da cewa motoci suna da amfani, amma suna kawo cunkoso, kuma daidai ne, babu wanda zai ce ka yi kuskure. Sai hannu ya ɗauko wannan ginin ya kai Turanci, ya rubuta Although cars are useful, but they cause congestion. A Turanci ɗaya ake zaɓa, ko although a farko babu but, ko but a tsakiya babu although. Duk sanda ka rubuta although, ka bi jimlar da ido zuwa bayan waƙafi ka tabbatar but ba ta laɓe a can ba.

Na biyu however da waƙafi. But tana iya haɗa jimla biyu da waƙafi kawai, however ba ta iyawa. In ka rubuta Cars are useful, however they cause congestion, kuskuren nahawu ne, kuma ya taɓa ka a ma'auni biyu lokaci ɗaya. Ka sa aya, ka fara sabuwar jimla da However da babban baƙi, sai waƙafi. Haka therefore da moreover da consequently suke. Ana iya sa waƙafi mai ruwa a gabansu maimakon aya, amma in ba ka saba da shi ba ka tsaya a aya, ba ka rasa komai ba.

Despite kuma suna ne yake bin bayanta, ba cikakkiyar jimla ba. Despite the cost daidai ne, despite it is costly ba daidai ba ne, in jimla kake son kawowa ka koma although. Kuma babu despite of, in spite of ce take da of. Haka because da because of suke, ta farko jimla ce take bin bayanta, ta biyu suna. Sannan because ba ta tsayawa ita kaɗai a matsayin jimla, irin a sa aya a rubuta Because it is cheap a sake sa aya, a magana muna yi amma a rubutu guntuwar jimla ce.

Akwai kuma tagwayen da suke rikita mutane, on the other hand da on the contrary. Ta farko tana kawo ɗaya gefen maganar ne, ga amfani, ga kuma illa, duka biyun gaskiya. Ta biyu ƙaryata abin da aka faɗa take yi, kamar ka ce hanawa ba za ta rage cunkoso ba, on the contrary za ta ƙara shi. In kana gabatar da ra'ayi na biyu a rubutu, kusan kullum on the other hand kake nema. At last ma ba ita ce lastly ba, at last ana faɗarta ne idan abin da aka daɗe ana jira ya zo, ba ta jera hujja ta ƙarshe.

Gaskiya ba ka buƙatar kalmomin haɗi fiye da biyu zuwa huɗu a kowane rukuni. Na ƙari, also da in addition. Na saɓani, but da however da although da while. Na sakamako, so da therefore da as a result. Na dalili, because da since. Na misali, for example da such as, da sanin cewa such as suna ne yake bin bayanta a cikin jimla, ba a fara jimla da ita. Wanda ya iya waɗannan da alamominsu daidai ya fi wanda ya haddace notwithstanding bai san inda take zama ba.

Idan tambayar ta canza fuska

Sakin layi huɗun nan suna nan, abin da ke cikinsu ne yake canzawa. In aka ce Discuss both views and give your own opinion, sakin layi na biyu ya ɗauki ra'ayi ɗaya, na uku ya ɗauki ɗayan, kuma ka ba su girma kusan ɗaya, sannan naka ra'ayin ya fito tun a gabatarwa, kar ka ɓoye shi sai ƙarshe. Nan ne on the other hand take da gida, a bakin sakin layi na uku. Ka kuma nuna a fili maganar wa kake kawowa, supporters argue that daban, I believe daban, in ba haka ba za a ɗauka ka yarda da duka biyun kana tufka da warwara. In tambayar matsala ce da mafita, sakin layi ɗaya na dalilai, ɗaya na mafita, kuma kowace mafita ta amsa wani dalili da ka ambata, ba ka ce matsalar rashin bas ce sannan mafitarka ta zama wayar da kan jama'a ba.

Minti biyar na ƙarshe

Tsarin lokacin shi ne biyar na tunani, talatin na rubutu, biyar na dubawa, kuma biyar ɗin ƙarshe kar ka sadaukar da su don ƙara layi. Ka fara karanta jimlar farko ta kowane sakin layi kaɗai, huɗun a jere, in sun ba da labarin muhawarar daga farko zuwa ƙarshe to tsarin ya tsaya. Sai ka bi farkon jimloli da ido, in ka ga uku a jere duk sun fara da kalmar haɗi da waƙafi, goge ɗaya, mayar da ɗaya tsakiya. A gida lokacin gwaji akwai abin da ya fi wannan, ka ɗauki rubutunka ka soke duk kalmomin haɗin da biro, ka ba wani ya karanta, ƙaninka ne ko abokiyar aikinki a asibiti, ka ce ya gaya maka da Hausa me ka ce kuma me ya sa. In ya iya, sai ka mayar da kalmomin a wuraren da ya ɗan yi jim kafin ya wuce. In ya kasa, ka ajiye maganar kalmomin haɗi tukuna ka koma kan hujja biyun nan, ka sake rubuta sakin layin da ya rikita shi daga jimlar farko.